Jan numfashi da ƙarfi kafin nutso a ruwa

"Salam 'yan uwa. Wani abokina da muke zuwa iyo tare daga Agege ya ce in na ja numfashi da ƙarfi kamar sau 20 kafin in nutsa, jinina zai cika da oksijin, kuma wai riƙe numfashi kullum yana ƙara girman huhu. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah ka daina, shi ma ka hana shi. Ni aikin jinya nake a nan Legas, kuma in ka samu 'yar na'urar nan da muke maƙala wa a yatsa, mai nuna SpO2, wato yawan oksijin da ke cikin jini, ka gwada kana zaune a kujera. Mai lafiya za ka ga 97 ko 98, to ka ja numfashin nan sau 20 ka sake dubawa, iyakarta ta kai 99 ko 100, don jinin dama a ƙoshe yake, tulun da ya cika ai ba ya karɓar ƙari. Abin da ka yi kawai shi ne ka fitar da CO2, iskar da jiki ke zubarwa ta numfashi, shi ya sa yatsu da leɓe ke yi kamar ana tsira musu allura, kai kuma ke juyawa don hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun tsuke, wasu kuma su ce wai oksijin ne ya yi yawa.

Matsalar ita ce, wannan ƙunar da kake ji a ƙirji in ka riƙe numfashi, taruwar CO2 ce ke kawo ta. Ka riƙe na daƙiƙa 30 kana kallon na'urar, ƙirji na ta neman iska amma lambar ko gezau. To wanda ya riga ya zubar da CO2 ɗinsa ya shiga ruwa, oksijin na ta sauka shi kuwa bai ji komai ba, yana ganin yau ya ƙware, sai kawai ya suma a ƙasan ruwa, ba ihu ba fafutuka, ko da ruwan iya ƙugu ne, kuma galibi waɗanda suka iya iyo sosai abin ke samu tunda su ne masu gasar daɗewa.

Maganar girman huhu kuma, babban namiji huhunsa na ɗaukar wajen lita 6, numfashin da kake yi a zaune rabin lita ne, kuma sama da lita 1 ba ta fita ko ka fesar iya ƙarfinka. Tsayinka da shekarunka da jinsi su ke yanke wannan. In ka ga kana ƙara daɗewa, jure CO2 ka koya da kwantar da jiki, huhun yana nan yadda yake. Mai son sanin lafiyar huhunsa akwai na'urar da ake hurawa a asibiti ta auna.

In za ka nutsa, numfashi na yau da kullum, ka ja guda ɗaya mai kyau, da ka ji ƙirji ya nema ka taso, kuma a samu wani a bakin ruwan da idonsa ke kanka ba kan waya ba.