La'adar yaran da ke kai taki ƙauye

"Maigida, yara 3 zan tura ƙauyuka da taki da iri bana. Buhu nawa zan yanka wa kowa, kuma la'ada nawa zan ba su?"

Ɗana, kafin ka yi maganar buhu nawa, zauna ka san abin da ke rage maka a buhu guda, don daga cikinsa la'ada ke fita. A ce ka sari takin 15-15-15 mai kilo 50 a kan jika 18, kana sayarwa jika 20. Jika 2 ke tsakani. Kuɗin mota da ƴan dako daga Maradi zuwa kasuwar ƙauye su ci sefa 500. In ka yi wa yaro alkawarin kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayarwa, a kunne kamar ba komai, amma jika guda ce cur, kai mai uwar kuɗi ka tashi da 500. Ni 500 nake ba yaro a buhu, in riƙe jika guda. A iri kuwa, na hatsi ko na wake, nakan ƙara masa, don ribar ta fi, kuma sai ya sha baki kafin manomi ya yarda ya bar irin rumbunsa.

Yanzu ka saurare ni da kyau, nan ne na taɓa ƙonewa. Kada ka biya la'ada ranar da kaya suka bar shago, sai ranar da kuɗinsu suka shigo hannunka. Wata shekara na ba wani yaro buhu 60, na ƙirga masa la'adarsa jika 30 nan take, ina murna na samu jarumi. Kwana 10 ya ce sun ƙare. Ashe buhu 20 ya raba su bashi ga dangi da abokai, wai sai kaka. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da hatsi ke bununi, kaka ta zo, kuɗin buhu 8 ba su dawo ba har yau. Yi lissafin da kanka: buhu guda da ya nutse ya tafi da jika 18 da rabi, wato ribar buhu 18 da ɗoriya. Buhu 8 ɗin nan sun cinye ribar 60 ɗin, sun shiga cikin jarina. Yaron bai yi asarar ko dala ba, to me zai sa ya yi ta sintirin bin bashi a rana?

Tun daga nan na canza. Abin da aka saya kuɗi hannu, ina biyan la'adarsa duk mako. Bashi ba a bayarwa sai da sanina, da sunan manomi da ƙauyensa a littafi, kuma la'adarsa tana jira har a biya.

Adadi kuma, kada ka yanka musu iri ɗaya don a ce ka yi adalci. Wanda ka tura wajen Madarunfa ko bakin Gulbi yana cikin masu ruwa, wanda ke Jiratawa ma har da rani yana ciniki saboda masu noman ban ruwa. Na Dakoro fa? Damina can ba ta da tabbas, manomi ba ya zuba kuɗi a taki sai ya ga shuka ta tsaya. In ka ɗora musu nauyi ɗaya, na arewa zai gaji ya bar ka, ko ya karyar da kaya. Duba abin da yankin ya saya bara. In buhu 80 ne, yanka masa 90, ka ce duk buhun da ya haura 90 la'adarsa 750. Waɗanda suka haura kawai, ba duka ba, don in ka ce duka, zai sayar da na ƙarshe da asara don ya tsallake.

Kuma ka riƙa duba sunaye, ba buhuna kaɗai ba. Ƙaramin manomi tiya 2 ko 3 yake saye, ya bi rami rami yana sa ɗan kaɗan. Yaron da ke shiga gonaki da gaske, littafinsa cike yake da ƙananan ciniki. In ka ga buhu 40 da suna 3, tun ruwa bai sauka ba, ɗan kasuwa ya juye wa, kuma gobe wannan ɗan kasuwar ne zai karya maka farashi da kayanka.

Maganin ƙwari ne kaɗai ba na yanka wa adadi ko kaɗan. Yaron da ke neman cika lissafi zai tura wa mai wake kwalba 3 inda 1 ta isa, kuma waken nan ƴaƴan mutane ne za su ci shi.