Kyautar maraba ta kulle mini kuɗi, in ƙara zubawa?

"Assalamu alaikum Malam. Na buɗe asusu a wata manhajar caca, na zuba naira 10,000, suka ƙara mini 10,000 wai kyautar maraba. Na yi ta buga karta har kuɗin suka kai 86,000, amma da na zo cirewa sai aka ce ban cika sharaɗi ba. Saura kwana biyu wa'adin ya ƙare. In ƙara zuba kuɗi in cike, ko yaya zan yi?"
Wani mai karatu daga Zariya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ƙara ko kwabo. Wannan caca ce, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, kuma ba zan ɓoye maka cewa na fi so ka fita daga cikinta gaba ɗaya ba. Amma ko ta fuskar lissafi kaɗai aka duba, zubawar ba za ta fisshe ka ba.

Buɗe shafin sharuɗɗan kyautar, ka nemi inda aka rubuta "Wagering requirement". Za ka ga lamba a gefensa, misali 35x. Ma'anarsa sai jimillar abin da ka buga ya kai ninki 35 na kyautar kafin a bar ka ka cire kuɗi. A kan 10,000, naira 350,000 ke nan. Ka lura da kyau, wasu kamfanonin suna ninka kyautar haɗe da kuɗin da ka zuba, sai abin ya koma 700,000.

Inda nake zaton ka faɗa shi ne sharaɗi na biyu, wanda a allo ake kira "Game weighting". Ba kowane wasa ake ƙirgawa daidai ba. Wasan inji mai juya hotuna galibi ana ƙirga shi duka, naira 1,000 ta zama 1,000. Karta kuwa, da yake ribar kamfani a cikinta ba ta da yawa, sau da yawa kashi 10 cikin 100 ake ƙirgawa, wani wurin ma ba a ƙirga ta sam. Mu ɗauka ka buga jimillar 200,000 a karta cikin kwanakin nan. Kai a ranka ka wuce rabin hanya, alhali a littafinsu 20,000 kawai ka yi, saura 330,000. Wannan shi ne shuka a idon makwarwa. Duba ma'aunin da ke nuna ci gaban kyautar a asusunka. In ka ga ya tsaya can ƙasa duk da dararen da ka kwana kana bugawa, to dalilin ke nan.

Wa'adin kuma ba don ado aka sa shi ba. Naira 330,000 a kwana biyu na nufin 165,000 kullum, ko da a wasan da ake ƙirgawa duka ne. Gaggawa za ta sa ka ɗaga kuɗin bugu, kuma yawancin irin wannan kyauta tana da iyakar abin da aka yarda ka buga a lokaci guda. Ka haura ta sau ɗaya, suna da hujjar soke duk abin da ka ci.

To ko da ka koma wasan inji don a ƙirga maka duka, akwai kason kamfani. Injin da ke mayar da kashi 96 cikin 100 yana riƙe naira 4 a kowace 100 da aka buga. A kan 350,000, matsakaicin abin da mai bugu zai rasa ya kai 14,000, wato ya fi kyautar kanta. Wannan lissafin ne yake ƙona mini rai, domin matashin da ya ga "kyauta" a allo ba ya sanin an riga an cire ta daga aljihunsa.

Sai na ƙarshe, "Max cashout", wato rufin da aka yi wa abin da za ka iya fitarwa daga ribar kyautar. In an ce ninki biyar ne, 50,000 ce iyakarka. Ko ka cika kowane sharaɗi da 86,000 ɗinka a hannu, 36,000 za a share.

Abin yi yau: ɗauki hoton shafin sharuɗɗan da na asusunka, sannan ka rubuta wa masu kula da abokan hulɗa ka tambaye su nawa za ka iya cirewa in ka soke kyautar. Sokewa kan tafi da kyautar da ribar da ta haifar, amma a wasu manhajojin abin da ya rage na kuɗinka na asali yana fita. Ka sa su ba ka amsar a rubuce kafin ka danna komai, in kuɗin sun shigo bankinka ka nemi su rufe asusun.