Me ya haɗa yawan tsofaffi da ƙarancin kuɗin fansho?

"Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina da ma'aikata, kuma duk wata ina zuba musu kasona na fansho. Kwanan nan ina yawan jin cewa asusun fansho na ƙasashe da dama ya shiga matsi saboda tsofaffi sun yi yawa. Abin ya ɗaure mini kai. Ba abin da mutum ya tara ake mayar masa ba? Kuma wane gyara ake yi?"

Alhaji, a yawancin tsarin fansho na gwamnatoci ba a ajiye kuɗin ma'aikaci yana jiran ranar ritayarsa. Abin da aka cire daga albashin masu aiki a wannan watan, shi ake biyan 'yan fansho da shi a wannan watan. Wanda ke aiki yau, in ya tsufa, masu aiki na lokacin ne za su biya shi. Haka tsarin Jamus da Faransa yake, na Amurka da Japan ma kusan haka ne duk da suna da ajiya a gefe. Saboda haka lafiyar asusun ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: mutum nawa ke zubawa a madadin kowane mutum ɗaya da ke karɓa?

Bari mu buga lissafin yadda kake buga na kasuwa. A ce akwai ma'aikata 100, albashin kowa 100 a wata, ana cire kashi 10 cikin ɗari. Asusu ya samu 1,000. 'Yan fansho 25 ne, an yi wa kowa alkawarin 40 a wata, jimla 1,000. Shiga da fita sun yi daidai, domin ma'aikata huɗu ke ɗauke da tsoho ɗaya. Bayan shekaru, ma'aikata na nan a 100 amma 'yan fansho sun kai 40. Abin da ke shiga 1,000 ne har yanzu, abin da ake bin asusu kuwa ya zama 1,600. Giɓin 600 ya buɗe duk wata, alhali ba wanda ya saci ko kwabo, ba kuma wanda ya daina biya.

Abu biyu ke kawo wannan sauyi. Na farko, mutane na daɗewa a duniya. Lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake karɓa, kuma kaɗan ne ke kaiwa. Yanzu a ƙasashe masu arziki wanda ya yi ritaya yana da 65 yakan karɓi fansho kusan shekara ashirin. Na biyu, haihuwa ta ragu. Kafin al'umma ta maye gurbin kanta ana bukatar matsakaicin haihuwa ya kai kusan 2.1 ga kowace mace, amma a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 a 2023. Yaron da ba a haifa yau ba, shi ne ma'aikacin da za a rasa nan da shekara ashirin da wani abu. A Amurka, a 1960 ma'aikata biyar da ɗoriya ne ke zubawa a kan kowane mai karɓa, yanzu ba su kai uku ba.

Mu koma kan giɓin 600. Hanya mafi sauƙin faɗa ita ce a ƙara abin da ake cirewa, daga kashi 10 zuwa 16. Wannan ta shafe ka kai tsaye, domin galibi ana raba nauyin ne tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki. A Jamus kashi 18.6 na albashi ake zubawa, rabi da rabi, kuma duk da haka gwamnati na ƙara sama da Yuro biliyan 100 a shekara daga kuɗin haraji. Iyakar wannan hanya a fili take: in ɗaukar ma'aikaci ya yi tsada, ɗan kasuwa zai rage ɗauka ko ya ɗauka a bayan fage, masu zubawa su ƙara raguwa.

Ana iya rage abin da ake biya, 40 ta koma 25. Ba gwamnatin da ke son faɗin haka da baki, shi ya sa ake yin sa a hankali, a bar ƙarin fansho ya riƙa zama ƙasa da ƙarin albashi ko tashin farashi. Japan ta sa irin wannan ƙa'ida a dokarta a 2004. Sweden ma tana da birki mai aiki da kansa, wanda ya rage fansho a 2010 da asusun ya nuna rauni.

Ɗaga shekarun ritaya shi ne gyaran da ya fi tasiri a lissafi, domin yana taɓa ɓangarori biyu lokaci ɗaya. In mutum huɗu daga cikin 40 ɗin nan suka ci gaba da aiki, masu zubawa sun zama 104, masu karɓa 36. Shiga ta koma 1,040, fita 1,440, giɓi ya sauka daga 600 zuwa 400. Dalilin ke nan da Jamus ke matsawa a hankali daga 65 zuwa 67, China ta fara ɗaga nata a 2025, Faransa kuma ta yi dokar tashi daga 62 zuwa 64 a 2023, abin da ya jawo zanga-zanga mai tsanani. Ni ina ganin masu zanga-zangar suna da hujja ta wani gefen. Magini da ya fara aiki tun yana saurayi ba ɗaya yake da ma'aikacin ofis ba, kuma talaka yakan riga mai hali mutuwa. In ba a yi wa masu aikin ƙarfi rangwame ba, su ne za su biya mafi yawan kuɗin gyaran.

Abin da kake zato, wato kowa da asusunsa, shi ma akwai shi. Chile ta koma kansa a 1981, ma'aikaci na zuba kashi 10 a asusun da ke ɗauke da sunansa, a juya kuɗin a hannun jari. Sai dai sauyawa zuwa wannan tsari na da tsada, domin masu aiki na lokacin za su tara wa kansu, kuma dole a ci gaba da biyan tsofaffin da aka riga aka yi wa alkawari. Bayan haka tsawon rai bai daina cizo ba. Abin da aka tara don shekara 15, in za a ci shi shekara 25, rabon kowane wata zai ƙanƙance. A Chile ɗin ma mutane da yawa sun tarar fanshonsu bai taka kara ya karya ba, musamman waɗanda suka yi shekaru ba sa zubawa.

Kada kuma yawan matasa a ƙasa ya ruɗe ka. Masu zubawa ake ƙirgawa, don haka ƙasar da yawancin jama'arta ke sana'a ba tare da rajista ba tana iya shiga matsin tun tsofaffinta ba su yi yawa ba.

Ka fara gano wane iri ne tsarin da kake zubawa. In na biyan tsofaffi da kuɗin masu aiki ne, nemi rahotonsa na shekara ka duba yawan masu zubawa da masu karɓa cikin shekara goma da suka wuce. In tazarar na tsukewa, sa ran ƙarin kasonka, ka shigar da shi cikin lissafin albashi tun yanzu. In kuwa na asusun kowa da kansa ne, duba ko ribar da ake samu ta wuce tashin farashi bayan an cire ladan masu juya kuɗin, ka kuma tabbata kuɗin ma'aikatanka na shiga kowane wata ba fashi.