Harsasan da suka fita allo suna nan da rai

"Wasan harbin da nake ginawa a Unity yana tafiya lafiya da farko, amma bayan 'yan mintuna sai ya fara sarƙewa, ƙwaƙwalwa kuma sai cika take yi. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, harsasanka nake zargi. Kunna wasan, ka danne maɓallin harbi, idonka a kan tagar Hierarchy. In ka ga `Bullet(Clone)` suna ta jeruwa ba sa raguwa, ka kama ɓarawon.

Yawanci mutum kan sa `Destroy` a cikin `OnCollisionEnter` kaɗai. To harsashin da ya kuskure fa? Bai bugi komai ba, don haka tafiya zai yi ta yi har abada, injin yana lissafa motsinsa kai ba ka gani. A ce kana harba 10 a daƙiƙa, rabi suna kuskurewa: cikin minti 5 ka tara 1,500. Mai share ƙwaƙwalwa na C# kuwa ba zai taɓa su ba, domin a wurin injin rayayyu ne.

Ka yanka wa kowanne wa'adi tun haihuwarsa:

```csharp
void Start() {
    Destroy(gameObject, 3f);
}
```

A nan ka kula sosai. Ni kaina na taɓa rubuta `Destroy(this)`, na kwana biyu ina nema. Abin da wannan yake cirewa shi ne rubutun umarnin da ke jikin harsashin kawai, harsashin na nan daram.

Bayan gyaran ka buɗe Profiler ka sake harbi. Da wa'adin daƙiƙa 3, adadin harsasai bai kamata ya wuce kimanin 30 ba. In ƙwaƙwalwa ta ci gaba da hawa, duba ko kana zuba su a wani `List` ba ka cirewa.