Rahoton gidauniyarmu ya dawo, an ce mu kawo hujja

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ni ne ma'ajin wata 'yar gidauniya da muka kafa don tallafa wa iyayen marayu. A 2024 mun tara Naira miliyan 9. Mun ba mata 120 jari na Naira 50,000 kowacce, mun raba abincin azumi na miliyan 1.8, sauran miliyan 1.2 ta tafi a zirga-zirga da alawus. A rahoton shekara muka rubuta cewa mun share hawayen dubban marayu, mun fitar da mata daga ƙangin talauci. Wani kamfani da muke neman tallafinsa ya dawo mana da shi, ya ce ina hujja. Wallahi ba mu ci ko kobo ba. Yaya za mu sake rubuta shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya karɓi wannan aiki. Kamfanin nan ba zargin cin amana yake muku ba. Abin da ya gani shi ne maganganun da ba zai iya bin diddiginsu ba, kuma mutumin da ke kan teburin shi ma akwai wanda zai tambaye shi dalilin da ya sa ya saki kuɗi. Kai kanka idan yaron shago ya ce maka yau an yi ciniki sosai, sai ka ce ya kawo littafi a ga dila nawa ta fita. Haka mai bayarwa yake karanta rahotonku.

Ka ɗauko tsohon rahoton da biro, ka bi shi jimla bayan jimla, kana tambayar kanka abu guda: idan aka ce in nuna takardar da ta tabbatar da wannan magana, wacce zan buɗe? Jimlar da ke da takarda ka bar ta. Wadda za a iya nemo mata takarda cikin wata guda ka yi mata alama. Wadda ba ta da ita, kuma ba za ta samu ba, ka soke ta, ko da ita ce mafi daɗin ji.

Ina kyautata zaton "dubban marayu" ta samo asali ne daga lissafin baki: an ɗauki matan da suka samu jari, an haɗa da gidajen da suka samu shinkafa, an ninka da yawan yaran da ake zaton suna kowane gida. Matsala biyu ke nan. Matar da ta karɓi jari a watan Janairu kuma ta karɓi abinci da azumi an ƙirga ta sau biyu, sannan yaran nan ba wanda ya ƙirga su. Ka haɗa rajistar jari da ta abinci wuri ɗaya, ka cire sunayen da suka maimaitu ta hanyar duba lambar waya da unguwa, don Hauwa da Aisha suna da yawa. Adadin da ya rage shi ne naku. Idan fom ɗinku bai tambayi yawan yara ba, ka rubuta yawan gidaje ka tsaya a nan.

Maganar fitar da mata daga talauci ita ce mai nauyi, kuma a kanta nake so mu daɗe. Littafinka na ma'aji yana tabbatar da abu biyu: kuɗi sun fita, kuma sun isa hannun mata 120. Bai ce komai ba game da abin da ya faru bayan nan. Kamfanin kuwa wannan na ukun yake tambaya, kuma ba a samunsa sai an koma wajen matan.

Ku koma wajensu duka, tunda 120 ba su fi ƙarfinku ba. Amma kada kai ko wani ɗan kwamiti ya je. Idan wanda ya bayar da kuɗin ne ya zo tambaya, wata za ta ce Alhamdulillahi komai lafiya don kunya, wata kuma za ta ce jarin ya karye don tana sa ran ƙari. Ku nemi mata biyu ko uku masu ilimi waɗanda ba su da hannu a rabon, ku biya su ladan aikinsu, su shiga gida su zauna. Tambayoyin kada su yi yawa: sana'ar da aka ba ki jari dominta tana nan? Yaushe kika yi sarin ƙarshe, kuma na nawa? Me kike yi kafin a ba ki? Idan kin daina, me ya jawo? Sannan su duba da idonsu. Mai ƙuli-ƙuli a ga buhun gyaɗa ko jarkar mai, mai awara a ga waken suya da kasko, mai ɗinki a ga keken a buɗe da zare a jikinsa. Kowane fom a sa masa kwanan wata da sunan wadda ta cike. Waɗannan takardun su ne hujjar da ake nema.

Bari mu ɗauka, don misali kawai, an samu mata 90 cikin 120. Talatin ba a same su ba: wata ta yi aure ta tare, wata ta koma ƙauye, wata layinta ba ya shiga. Cikin 90 ɗin, 63 suna kan sana'a, 27 sun daina. A nan ne rahotanni da yawa ke zamewa. Za a rubuta cewa kashi 70 cikin 100 sun yi nasara, domin 63 cikin 90 ke nan, a yi shiru a kan talatin ɗin. Alhali waɗanda suka ɓace sau da yawa su ne waɗanda abin ya fi yi wa wuya. Abin da kuka tabbatar da shi shi ne 63 cikin 120, wato ɗan sama da rabi. Ka rubuta lambobin duka uku, waɗanda ke kan sana'a, waɗanda suka daina, da waɗanda ba a samu ba, mai karatu ya yi nasa lissafin.

Akwai wani tarko kuma da kai ka fi ni saninsa, wato faɗuwar darajar kuɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disamban 2024. Ma'ana kayan da Naira 50,000 ta saya a farkon shekarar, a ƙarshenta sai an kai wajen Naira 67,000 kafin a same su. Don haka matar da ta ce jarinta ya kai 60,000 bai ƙaru ba, raguwa ya yi, ko da yake a takarda ya nuna ƙarin dubu goma. Shi ya sa na fi son a auna da kaya. Kwano nawa na gyaɗa take sara a mako a da, nawa take sara yanzu? Wannan awon ba ya ruɗi. Idan ba ku rubuta halin da matan suke ciki kafin a ba su kuɗin ba, kuna iya tambayarsu yanzu, amma ku faɗa a rahoton cewa daga tunawarsu aka ɗauko.

Ko da an ga ci gaba, a yi hattara da cewa "mu ne muka jawo". Wataƙila ɗan uwanta ya ƙara mata kuɗi, ko ta kwashi adashi. Kalmar da za ka iya tsayawa a kanta ita ce "bayan wata kaza, mun same ta tana sana'a". Kalmar talauci kuwa ka ajiye ta gaba ɗaya, domin ba ku auna abin da ke shiga gidan da abin da ke fita ba.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa, da lambobin misalin nan:

"A watan Janairun 2024 mun ba iyayen marayu 120 jarin Naira 50,000 kowacce, jimla Naira miliyan 6. A watan kaza na bana mata uku da ba sa cikin kwamitinmu sun ziyarce su. Sun samu 90. Cikin waɗannan, 63 suna kan sana'ar kuma an ga kayansu, 27 sun daina, yawancinsu saboda rashin lafiya a gida da sayen abinci. Ba mu samu 30 ba, don haka ba mu ce komai a kansu ba. Ba mu auna kuɗin shigar gidajen ba. A bana za mu riƙa ziyara duk bayan wata uku, kuma za mu ɗauki lambar waya ta biyu daga kowace mace."

Na san wani a kwamitinku zai ce wannan tona asirin kai ne, wa zai ba da kuɗi bayan ya ji 27 sun karye? Ni a ganina waɗannan 27 ɗin su ne mafi amfani a rahoton. Duk wanda ya taɓa harkar ƙaramin jari ya san ba a taɓa raba wa mutum 120 kowa ya tsaya da ƙafarsa, kuma rahoton da ya ce haka shi ake fara shakka. Sannan dalilin karyewar yana gaya muku abin da za ku gyara. Idan kuɗin asibiti ne ke cinye jari, to watakila abin da ya dace ku roƙa shi ne ɗan asusun jinya a gefen jarin, kuma ga hujjarku a hannu.

Miliyan 1.2 ta gudanarwa kada a ɓoye ta a ƙarƙashin "sauransu". Kusan kashi 13 cikin 100 ne na abin da kuka tara, ka faɗe shi haka, ka rarraba shi: mota nawa, alawus nawa, buga takardu nawa. Kuma kowace lamba da ke cikin bayanin ta yi daidai da wadda ke cikin lissafin da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu. Idan kuna da rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta muku kai bayanin shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin da aka bincika. Babban mai bayarwa yakan nemi ganin wannan, kuma idan ya ga miliyan 6 a can, miliyan 6.5 a nan, magana ta ƙare.

Ban ce a cire labarin mutum ba. Labari ɗaya ya isa, a sa shi bayan lambobin, a kuma faɗi ko tana cikin waɗanda suka fi samun nasara ne. A nemi izininta a fili, a gaya mata inda za a kai shi, a sauya sunanta idan ta so. Hoton yaro maraya yana kuka ko yana riƙe da leda a gaban kyamara ku bar shi, Alhaji. Yaron nan zai girma, kuma mutuncinsa amana ne a hannunku. Ga shi kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, saboda haka rajistar sunaye da lambobin waya ta zauna a ofis, kada a liƙa ta a bayan rahoton. Idan kamfanin yana son tabbatarwa, ya turo wakilinsa ya zaɓi sunaye goma da kansa, a raka shi idan matan sun amince.

Abincin azumi kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Gida nawa, me aka ba kowane gida, a wace rana, ga rasit ɗin sari da takardar sa hannu. Kada a ce an kawar da yunwa. An ciyar da gidaje na wasu kwanaki, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin rabon bana, ku gyara fom ɗin karɓar jari ya ƙunshi sana'ar da mace take yi, yawan sarinta a mako, yawan yaran da ke hannunta, da lambar wani makusancinta. Da wannan, rahoton baɗi zai iya nuna inda aka taso da inda aka kai. Shi kuma kamfanin, ka rubuta masa a makon nan ka ce kun karɓi gyaran, kuna bin matan gida-gida, kuma sabon rahoto zai iso cikin mako shida.