Ana cire min kuɗin fansho: wace shaida zan nema a ofishin ma'aikata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna tun Janairun 2020. Kowane wata ana cire min kuɗin fansho a albashi, amma saƙon da ke shigo min a waya wani lokaci sai a yi wata uku ban gan shi ba. Ina so in rubuta wa ofishin kula da ma'aikata su ba ni shaidar cewa sun tura kuɗina na shekara biyar, 2020 zuwa 2024. Me zan rubuta, kuma yaya zan yi kada a ɗauka neman rigima nake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗauki biro, ka fara zuwa ofishin kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, wanda ake kira PFA, ka nemi cikakken bayanin asusunka daga Janairun 2020 zuwa Disambar 2024. Ka ce musu wanda ke nuna kowane wata daban kake so, da kason ma'aikaci da kason kamfani da ranar da kuɗin ya shiga. Kada ka tsaya a kan jimillar da ke ƙasan takarda. Kuɗin fansho ana juya su, suna kawo riba, kuma ribar kan rufe giɓi, har mutum ya ga adadi mai tsoka ya kwantar da hankali alhali an tsallake masa watanni.

Ga yadda za ka auna. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kuma aƙalla kashi 10, kuma ana lissafin ne a kan abin da bai gaza tushen albashi da kuɗin gida da kuɗin mota ba. Mu ɗauka tushen albashinka naira 120,000 ne, na gida 50,000, na mota 30,000. Sun haɗu 200,000. Kasonka 16,000, na kamfani 20,000, wato 36,000 ya kamata su shiga kowane wata. A wata sittin, idan albashin bai canza ba, naira 2,160,000 ke nan ban da riba. Sai ka ɗauko takardun albashinka ka jera su kusa da bayanin asusun, kana bi wata bayan wata. Idan ka tarar wata bakwai babu komai, kuɗin da kake nema 252,000 ne. Ka kuma lura da watan da 16,000 kawai ya shiga, domin wannan na nufin an tura naka an riƙe na kamfani.

Sai maganar abin da za ka nema, kuma nan ne mutane da yawa ke yin sako-sako. Idan ka ce su ba ka shaida kawai, za su buga maka layi biyu a takardar kamfani cewa suna tura kuɗinka yadda ya kamata, su sa hannu. Wannan magana ce ta fatar baki da aka zuba a takarda. Wasu kuma za su nuna maka satifiket ɗin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ke ba kamfanoni. Shi ma game da kamfanin yake magana a dunƙule, ba ya nuna abin da ya shiga asusunka kai kaɗai. Abu biyu ne shaida, kuma sai sun zo tare. Na farko jadawalin da kamfani ke aikawa kowane wata, mai ɗauke da sunanka da lambar asusun fanshonka da kason kowane ɓangare. Na biyu rasidin biyan kuɗin zuwa ga ma'ajin fansho, wanda ake kira PFC, domin doka ta raba aikin: PFA ke sarrafa asusu, PFC ke riƙe kuɗi. Jadawali ba rasidi niyya ce kawai, rasidi ba jadawali kuwa ba ya nuna kana cikin waɗanda aka biya wa.

Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Ko da harshen Turanci ofishinku ke aiki, abin da za ta ƙunsa ke nan:

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata. Neman shaidar tura kuɗin fansho, Janairu 2020 zuwa Disamba 2024. Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a sashe kaza, lambar aikina kaza, PFA ɗina kaza, lambar asusun fanshona kaza. Na kwatanta takardun albashina da bayanin asusuna, ban ga kuɗin watanni kaza da kaza ba. Ina roƙon a ba ni kofin jadawalin tura kuɗin fansho na kowane wata a wannan lokaci, inda sunana ya fito, tare da rasidin biyan kowanne. Ana iya rufe bayanan sauran ma'aikata. Zan yi godiya idan na samu cikin kwana goma sha huɗu. Na haɗa kofin bayanin asusuna da takardun albashina.

Maganar rufe bayanan sauran ma'aikata da gangan na sa ta. Jadawalin yana ɗauke da kuɗin abokan aikinka, kuma da wannan hujjar ake yawan hana mutum ganinsa, to ka riga ka toshe ƙofar. Kwana goma sha huɗun kuwa wa'adinka ne na ladabi, kana iya ƙara shi. Ka buga kofi biyu, a sa maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka ajiye a gida. Lambar fanshon, wadda ke farawa da PEN, ka kwafe ta daga takardar PFA harafi bayan harafi.

Ban sa zargi a wasiƙar ba, kuma kai ma kada ka sa, don sau da yawa kuɗin sun fita daga kamfani amma sun maƙale a hanya. An yi kuskure a lambar fanshon ma'aikaci, ko an biya ba a aika jadawali ba, ko an tura wa wani PFA daban, musamman idan mutum ya sauya PFA bai sanar da ofis ba. Jadawalin zai nuna wannan nan take, kuma gyaransa shi ne kamfani ya rubuta wa PFA da lambar da ta dace a mayar da kuɗin asusunka.

Idan kuwa ta bayyana ba a tura ba, doka tana gefenka. Ta wajabta a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi, kuma wanda ya saɓa zai biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ba a tura ba a kowane watan jinkiri, tarar kuma asusunka take shiga. A misalinmu, 36,000 na wata guda yana jawo aƙalla naira 720 duk watan da ya wuce. Saboda haka idan suka ce za su biya bashin, ka tambayi tarar ma, ka kuma nemi jadawalin biyan a rubuce.

In wa'adi ya cika shiru, ka aika tunatarwa sau ɗaya, ka ambaci ranar wasiƙar farko. Bayan nan ka kai ƙorafi a rubuce ga PenCom, hedikwatarta tana Abuja kuma tana da ofisoshin shiyya, ka haɗa da takardar ɗaukarka aiki da takardun albashi da bayanin asusu da kofin nan mai hatimi. Idan kana cikin ƙungiyar ƙwadago ka sanar da wakilinku, domin watan da aka tsallake maka da wuya a ce kai kaɗai aka tsallake wa.