Ƙofar gida tana jan ƙasa, sakata ta ƙi shiga

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Get ɗin gidana na ƙarfe ne mai ƙyaure biyu. Tun bayan damina ƙyauren dama yake jan ƙasa, sai an ɗaga shi da ƙarfi kafin ya rufu, sakata kuma ta daina shiga raminta. Wani mai walda ya ce hinjin ne ya sauka, zai yanke ƙasan ƙofar kaɗan ya kuma sauke ramin sakatar. In bar shi ya yi, ko akwai dabarar da ta fi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka bari a yanke ƙasan ƙofar nan, kuma kada a taɓa ramin sakata tukuna. Na daɗe ina aikin walda, yawancinsa ma ƙofofi da tagogi ne, kuma duk ƙofar da aka kawo mini da yankakken gindi na san labarinta tun kafin a faɗa: an rage mata inci ɗaya, ta yi lafiya na ɗan lokaci, ta sake sauka, yanzu ga giɓi a ƙasa kaji da ɓeraye suna wucewa, ga matsalar tana nan inda take. Sakata ba ta motsa daga wurinta ba, ƙyauren ne ya sunkuya. Idan aka mayar da shi inda yake, sakatar za ta shiga da kanta.

Kafin ka kira kowa, akwai dubawar da za ka yi da kanka, domin abin da mutane ke kira "hinji ya sauka" ba ciwo ɗaya ba ne. Buɗe ƙyauren rabi, ka sa wani babba ya kama bakinsa ta wajen sakata ya ɗaga sama ya saki, kai kuma ka tsaya kana kallon hinjin sama. Idan ka ga namijin hinjin yana wasa a cikin macen, ko ka ji ƙwas-ƙwas, to hinjin ya cinye. Idan hinjin bai yi wasa ba amma ƙarfen da aka manna shi a jiki yana lanƙwasa, ko ka ga siririn layin tsatsa a gefen waldar yana buɗewa yana rufewa, walda ce ta tsage. Idan kuwa ƙyaure da hinji da ƙarfen jikin fila duka suka motsa tare, har garin siminti yana zubowa, to maganar ta bar hannun mai walda shi kaɗai, sai da magini.

Hinjin sama nake cewa ka kalla saboda shi ne mai shan wahala. Nauyin ƙyaure kullum yana fizgo na sama daga jikin fila, yana kuma danna na ƙasa cikinta. Shi ya sa idan ka rufe ƙofar ka auna tazarar da ke tsakanin ƙyaure da fila, za ka tarar ta sama ta fi ta ƙasa faɗi. Kuma ɗan abin da na sama ya saki yana ninkuwa kafin ya kai bakin ƙofa. A ce faɗin ƙyauren ƙafa 6 ne, tsakanin hinjin sama da na ƙasa kuma ƙafa 3, to rabin inci da na sama ya saki zai zama inci guda a wajen sakata. Ramin sakata kuwa ko rubu'in inci aka kauce masa ya isa ya hana ta shiga. Wannan lissafin ne ya sa ba na son ganin hinji biyu an matso da su tsakiyar ƙyaure. Gwargwadon nisan da ke tsakaninsu, gwargwadon sauƙin da na sama yake samu.

Akwai wata sauka mai sauƙi da ya kamata ka fara fitarwa daga lissafi. Wani lokaci ƙyauren bai karkata ba, gaba ɗayansa ne ya zauna ƙasa daidai wa daida, tazarar sama da ta ƙasa iri ɗaya. Wannan fuskar da namiji da mace ke gogar juna ce ta cinye saboda ƙura da rashin giris. Maganinsa a ɗaga ƙyauren a zura washa mai kauri ɗaya ko biyu a kowane hinji, a sa giris, shi ke nan, ko wutar walda ba a kunna ba. Duba ƙasan ma: tun da ka ce bayan damina abin ya fara, ka tabbata ba yashi ruwa ya tara a bakin ƙofar ba, ko intalok ne ya kumburo. Ka share, ka kalli zanen da ƙyauren ya yi a ƙasa. Idan a wuri ɗaya kawai yake kamawa, ka zargi daɓen. Idan zanen ya yi baka tun daga rufe har buɗe, ƙyauren ne.

Sai gwaji biyu da ba sa buƙatar komai sai tef da igiya. Auna ƙyauren daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Ƙyaure mai lafiya awon biyu daidai suke. Idan ɗaya ya fi ɗaya da rabin inci ko fiye, firam ɗin kansa ne ya goce, kuma ko sabon hinji goma aka sa masa bakinsa zai ci gaba da kallon ƙasa. Sannan ka ɗaura noti mai nauyi a bakin igiya, ka saki daga saman fila. Idan filar ta sunkuyo wajen ƙofa, igiyar za ta nuna maka.

Bari in ba ka misalin wata da na gyara a unguwarmu, don kamar taka ce. Ƙyaure biyu, kowanne ƙafa 6, an lulluɓe su da falan ƙarfe mai kauri, ga ado na ƙarfe a sama da ya ƙara nauyi. Tazarar sama ta fi ta ƙasa da kusan rabin inci, gicciye biyu daidai suke, fila a miƙe take. Da aka ɗaga bakin ƙyauren sai na ga hinjin sama yana tafiya da fatar bututun da aka manna shi a kai. Bututun firam ɗin siriri ne, hinjin ya ja shi har ya kumburo ya fara yagewa a gefen walda. Wanda ya fara zuwa kafin ni ya ƙara lafta walda a kan tsagar, ta sake buɗewa a gefenta, don ba waldar ce ta gaza ba, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ne ba shi da kauri.

Ga yadda muka yi. Muka rufe ƙofar, muka sa jak ɗin mota a kan falanki a ƙarƙashin bakin ƙyauren, muka ɗaga a hankali har samansa ya yi daidai da ɗan'uwansa kuma sakata ta shige raminta ba tare da duka ba. Muka ƙara masa kamar rubu'in inci sama da haka, domin idan aka sauke jak sai ya ɗan zauna. Muka cusa katako a ƙarƙashinsa ta gefe biyu, mutum biyu suka riƙe, sannan na yanke hinjin sama. Na kawo faffaɗan ƙarfe mai kaurin rubu'in inci, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, na manna shi a jikin bututun ya rufe wurin da ya yage, sabon hinjin ya hau kansa. Nauyin da ke taruwa a ɗan wuri sai ya bazu.

A nan ne masu gaggawa suke ɓata aiki. Ba a cika walda nan take. Ɗigo biyu ko uku ake fara yi don ya riƙe, a tabbata hinjin sama da na ƙasa suna kan layi ɗaya ta hanyar sakin igiya a gefensu, a sauke jak, a buɗe a rufe a hankali, a gwada sakata. Idan layin ya goce, ƙofar za ta yi tauri a tsakiyar buɗewa, tana kuka, kuma ita ce za ta sake tsaga waldar da kanta. Sai komai ya yi daidai a mayar da jak a cika waldar, kaɗan a wannan gefe kaɗan a wancan, saboda walda idan tana hucewa jan ƙarfe take yi wajenta. Idan hinji mai boris za a sa maka, ka ce wa mai waldar ya maƙala wayar ƙasa ta injinsa a jikin ɓangaren da yake waldawa, kada wuta ta ratsa ta cikin boris ɗin ta ƙona shi. Bayan ya huce a kankare, a shafa jan fentin hana tsatsa, a cika hinji da giris. Baƙin mai yana taimakawa idan babu giris, amma tsiyayewa yake yi ya bar ƙura a wurin.

Idan awon gicciye ya nuna firam ne ya goce, a kan jak ɗin nan za a ɗaga shi har awon biyu su daidaita, sannan a manna ƙarfe a gicciye ta ciki, daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata. Shi zai riƙa riƙe bakin kada ya sake sauka.

Ta fila ita ce mai cin kuɗi da lokaci. Da yawa ana gina filar da bulo, a cusa guntun rodi a tsakanin bulo da ɗan kwaɓin siminti, a manna hinji a kai. Irin wannan dole ya zare. Sai an sauke ƙyauren an jingine, a fasa wurin, idan akwai rodi a cikin filar a haɗa ƙarfen hinjin da shi ta walda, a zuba kankare mai kyau, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa, kuma kada a rataya ƙyauren kafin mako guda aƙalla; kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Idan filar ce gaba ɗaya ta sunkuya, musamman inda ruwan kwata ko na indararo ke kwanciya a gindinta, to tushenta ne ya zauna, sai an sake ta, a kuma kawar da ruwan daga wurin.

Wasu za su ce ka sa taya a bakin ƙyauren. Ba na hanawa idan daɓen shimfiɗaɗɗe ne sumul tun daga rufe har buɗe. Amma yawancin bakin ƙofofinmu gangare ne saboda ruwa, tayar sai ta riƙa tura ƙyauren sama a wani wuri tana rataye a wani, ta ƙara wa hinjin aiki.

Kafin a zo gyaran, don Allah a daina ɗaga ta da ƙarfi ana bugawa, kuma a hana yara lilo a jikinta ko wasa a kusa. Ƙyauren da hinjinsa na sama ya tsage yana iya kifowa gaba ɗaya ba tare da wata alama ba, nauyinsa kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka bar shi a rufe da katako a ƙarƙashin bakinsa, a riƙa amfani da ƙaramar ƙofa ko ɗaya ƙyauren. Idan ka yi gwajin, turo mana awon tazarar sama da ta ƙasa, da na gicciye biyun, da hoton hinjin sama daga kusa, in sha Allahu zan faɗa maka wanne ne daga ciki da kayan da za ka ce a saya.